Igama, riyal da fasaha: wace hanya za ta fisshe ka a Saudiyya?

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya cikin watan Afrilun 2018, bayan sama da shekara talatin a rufe, matasanmu na Jidda da Makka suka fara yi wa kansu wata tambaya da iyayensu ba su taɓa yi ba: ko mutum zai iya ci da iyalinsa da kyamara, ko da alƙalami, ko da murya? A shekarar aka kafa Ma'aikatar Al'adu, a 2020 aka fitar da hukumomi goma sha ɗaya a ƙarƙashinta, ciki har da ta fim, da ta kiɗa, da ta adabi da ɗab'i da fassara. A Disambar 2021 aka yi Bikin Fina-finai na Bahar Maliya na farko a tsohon garin Jidda. Kuɗi sun shigo harkar, wannan ba a musu. Amma yaron da ya tashi a Sharar Mansur ko Misfala, ko wanda iyayensa suka bar Karantina bayan rusau, in ya zo neman shawara, ba na fara tambayarsa ko ya iya ba. Ina fara tambayarsa wace takarda ce a aljihunsa.

Dalili shi ne Hausawan ƙasar nan ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai 'yan ƙasa, jikokin alhazan da suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa, masu amsa sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Akwai waɗanda a nan aka haife su, Larabcin Hijaz ya fi Hausa zama a bakinsu, amma har gobe a kan igama suke, wato takardar izinin zaman baƙo. Akwai kuma waɗanda suka zo da bizar aiki daga Kano ko Damagaram. Shawarar da za ta ɗaga na farko ita ce za ta iya kai na biyu da na uku tarhil, wato a kore su daga ƙasar. Shi ya sa duk wanda ya ce maka "ka ajiye aiki ka bi baiwarka" ba tare da ya tambayi wannan ba, bai san ƙasar da yake magana a kai ba.

Hanyoyin da ke gaban mutum uku ne. Ko ya riƙe aikin da yake yi ya raɓa fasahar a gefe, ko ya nemi aikin albashi a cikin ita kanta harkar, ko ya saki albashi gaba ɗaya ya dogara da abin da hannunsa ya samar. Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ƙaddara wani matashi, mu kira shi Ɗanjuma, mu bi shi ta kowace hanya. Alƙaluman kuɗinsa na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Yana da igama, yana aiki a wani kamfanin kayan gini a Jidda, albashinsa riyal 4,500, ya shekara huɗu da 'yan watanni a wurin. Yana da mata da ɗa ɗaya. Ya iya tace bidiyo, yana rubuta labari, burinsa ya yi fim mai dogon zango da Hausa.

Ga yadda watansa yake. Hayar gida riyal 18,000 a shekara, wato 1,500 a wata, ko da yake mai gida ba wata-wata yake karɓa ba, kashi biyu yake so. Kuɗin zaman iyali, wanda aka fara da riyal 100 a kan kowane mutum a 2017 har ya kai 400 a 2020, yana cin 800. Cefane da wuta da waya da zirga-zirga 1,300. Yana aika wa mahaifiyarsa 300. Abin da ya rage 600. Wannan 600 ɗin ita ce dukan jarin fasaharsa, riyal 7,200 a shekara in babu rashin lafiya, babu suna, babu biki.

Mu fara da hanya ta farko, riƙe aiki. Mutane suna raina ta saboda suna kallon albashin kawai, alhali abin da aikin yake ba Ɗanjuma ya wuce 4,500. Kamfani ne ke biyan kuɗin igamarsa da lasisin aikinsa da harajin da ake ɗora wa ma'aikaci baƙo, wanda ke kai riyal 700 ko 800 a wata. Kamfani ne ke da alhakin inshorar lafiyarsa da ta iyalinsa. Yana da hutun shekara na kwana 21 da albashinsa, wanda zai koma 30 idan ya cika shekara biyar a jere. Da azumi aikinsa awa shida ne. Sannan babu harajin da ake yanka a albashi. Ranar da ya ajiye aikin, ba albashi kaɗai ya tafi ba, har izinin zamansa a ƙasar ya shiga lissafi.

To a ina fasahar za ta shiga? A nan ne ake yawan yin kuskure. Dokar ƙwadago ta hana baƙo ya yi wa wani aiki ban da wanda ya ɗauke shi, ta kuma hana shi yin aikin kansa. Hukuncin da Ma'aikatar Cikin Gida ke maimaitawa a kan mai aikin kansa yana farawa daga tarar riyal 10,000 da kora, yana hawa har 50,000 da ɗaurin wata shida ga wanda ya maimaita. Ka ɗauki daren Alhamis a wani ɗakin biki a kudancin Jidda: an kira Ɗanjuma ya ɗauki ɓangaren maza, ya zo da kyamara da fitila biyu, ana buga mizmar, zai tashi da riyal 500 a hannu kafin asuba. Kuɗin suna da daɗi, sun kusa kai abin da yake ragewa a wata. Amma igamarsa ta ce shi ma'aikacin kamfanin kayan gini ne, kuma ga shi yana karɓar lada daga wanda ba kafilinsa ba. Da yawa suna yi suna sha, na sani. Sai dai riyal 500 ne a gefe guda, a ɗaya gefen kuma tara, da Shumaisi inda ake tsare waɗanda za a kora, da matarsa da ɗansa da za su bi shi. Ban ga lissafin da zai sa in ce masa ya ci gaba ba. Haka nan tallan shago ko gidan abinci a Snapchat da TikTok: tun 2022 aka wajabta lasisin Mawthooq ga masu talla a kafafen sada zumunta, riyal 15,000 na shekara uku, kuma an gargaɗi baƙi musamman kada su yi talla ba izini. Ɗaukar mutane a titi ba da yardarsu ba kuma wani babi ne daban a dokar laifukan intanet.

Saboda haka, ga mai igama, riƙe aiki ba yana nufin ya riƙa karɓar ƙananan kwangiloli a ɓoye ba. Yana nufin ya yi abin da ba ya buƙatar kowa ya biya shi a nan: ya rubuta, ya gyara, ya koyi sauti da haske, ya tace a ɗakinsa, ya tara kuɗi. Ɗaukar kuma ya kai ta inda yake da cikakken 'yanci, wato gida. A nan ne fa'idar da ba kowa ke lura da ita ba take. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta zube, har riyal ɗaya ya kai wajen naira 400 a 2024, alhali kafin nan a farashin gwamnati bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Riyal 7,200 ɗin da Ɗanjuma ya tara, a Jidda ko hayar kayan ɗauka da ladan ma'aikata na 'yan kwanaki da ƙyar za su ɗauka, amma a wancan farashin sun kusa naira miliyan uku. Ba za su yi masa zango guda na fim da manyan jarumai ba. Za su iya yi masa gajeren fim mai tsafta, ko kashi na gwaji guda ɗaya, da sababbin fuskoki, cikin kwanaki kaɗan na hutunsa. Sharaɗin shi ne ya sauka Kano da rubutun a kammale, an raba shi fitowa-fitowa, an san gidajen da za a yi ɗauka, kuma an bi ƙa'idar Hukumar Tace Fina-finai ta jihar. Wanda ya sauka sannan ya fara neman mai kyamara, hutunsa zai ƙare a gaisuwar dangi.

Illar wannan hanya jinkiri ne da gajiya. Awa 48 a mako, ga cunkoson Jidda, ga iyali. Abin da na ga yana aiki shi ne lokaci ƙayyadadde, ko da awa ɗaya da rabi ce bayan sallar asuba, da safiyar Asabar ga mai hutun kwana biyu. Alamar da za ka gane hanyar ba ta tafiya mai sauƙi ce: an shekara ana "shiri", an sayi kyamara, an sayi makirfo, amma babu aiki ɗaya da aka gama har wani ya kalla ko ya karanta. Wata illar kuma ita ce amana. Kana Jidda, kuɗinka suna Kano a hannun wani, ranar ɗauka biyu ta koma huɗu. Kada ka aika kuɗin aiki dunƙule. A raba su: na shiri, na kowace ranar ɗauka, na ƙarshe sai an miƙa maka ainihin hotunan a faifan ajiya, ba taƙaitaccen abin da aka turo ta WhatsApp ba. A kuma rubuta a takarda wa ya mallaki fim ɗin da tashar da za a ɗora shi, ko da da ɗan'uwanka kake aikin.

Hanya ta biyu ita ce na fi ganin an yi watsi da ita, kuma ita na fi so wa mai sana'ar hannu irin tacewa, ɗaukar sauti, haske, ko haɗa kiɗa. Wato Ɗanjuma ya bar kayan gini ya koma kamfanin shirya tallace-tallace ko fina-finai ko taruka, a ɗauke shi da albashi, a mayar da igamarsa can. Tun watan Maris na 2021, ma'aikacin kamfani da ya cika shekara a ƙasar yana iya komawa wani kamfani ta manhajar Qiwa ba sai kafili ya yarda ba, in an cika sharuɗɗa an kuma ba da wa'adin sanarwa. (Direban gida da mai aikin gida ba sa cikin wannan tsari, nasu daban ne, ta manhajar Musaned yake bi.) Sabon kamfanin ne zai turo tayin, ya duba, ya amince.

Abin da zai samu a nan ba ya sayuwa da kuɗi. Zai taɓa kyamarorin da ba zai iya saya ba, zai ga yadda ake tsara ranar ɗauka, yadda ake rubuta kasafi, yadda ake neman izinin wuri. Sunansa zai fara fitowa a ƙarshen ayyuka, kuma da wannan ake neman tallafi daga baya. Aiki kuma akwai, domin tun da Hukumar Fim ta sanar a 2022 cewa za ta riƙa mayar wa masu shirya fim har kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da suka kashe a ƙasar, ga bukukuwan Riyad da Jidda, ga wasannin azumi da ake rububin gamawa kafin Ramadan, ana neman hannu. Wanda ke jin Larabci kamar ɗan gari, ga Hausa, ga ɗan Turanci, yana da abin nunawa.

Sai dai a shiga da ido buɗe. Ƙananan kamfanonin harkar nan suna rayuwa ne daga kwangila zuwa kwangila, in abokin cinikinsu ya yi jinkirin biya, albashi ma ya yi jinkiri. Kafin Ɗanjuma ya danna amincewa, abu uku zai duba. Na farko, albashin da ke rubuce a Qiwa shi ne wanda aka faɗa masa da baki? Domin wanda ke rubuce shi kotun ƙwadago ta sani, da shi kuma za a lissafa haƙƙinsa na ƙarshen aiki. Na biyu, wace sana'a za a rubuta masa? Akwai ayyukan da aka keɓe wa 'yan ƙasa, kuma fassara tana cikinsu tun 2022, don haka mai igama da ke tunanin zai ci abinci da fassarar Larabci zuwa Hausa a matsayin aikin ofis ya san da wannan. Na uku, ya sami wani ma'aikacin wurin a gefe ya tambaye shi, "Yaya, albashin watan jiya ranar nawa ga wata ya shigo?" Amsar wannan ta fi duk abin da manaja zai faɗa. Ya kuma karanta sakin layin da ya shafi mallakar aiki, domin wasu kwantiragin suna cewa duk abin da ka ƙirƙira lokacin da kake ma'aikacinsu nasu ne. In yana da labarin da ya rubuta tun kafin ya zo, yana iya yi masa rajista a hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasar, ko aƙalla ya ajiye shaidar ranar da ya gama shi.

Akwai kuma wani tarko da ake kira mafita: ka sami wani ɗan ƙasa mai rajistar kamfani ya ɗauke ka a takarda, kai kana aikin kanka kana ba shi wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur, laifi ne a kan ku biyun, kuma duk abin da ka tara da sunansa yake. Ranar da kuka saɓa, kyamarar ma ba ka da hujjar cewa taka ce.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa game da hanya ta biyu ita ce tana iya cinye burin da ya kawo ka. Wanda ya wuni yana tace tallan turare, da dare ba ya son ganin allon kwamfuta. Marubuci musamman, sau da yawa gara masa aikin da bai shafi rubutu ba, ya dawo gida da kansa a sake. Shi ya sa nake ganin ta fi dacewa da mai fim da mai haɗa sauti fiye da mai rubuta labari.

Yanzu hanya ta uku, sakin albashi. Ga ɗan ƙasa ƙofa a buɗe take. Yana iya cirar takardar aikin kai daga Ma'aikatar Ƙwadago ta shafin freelance.sa, kyauta, ana sabunta ta duk shekara, ya buɗe asusun banki da ita, ya yi wa kamfanoni aiki ya ba su rasit. Ba zai shiga rajistar harajin kaya na kashi 15 dole ba sai cinikinsa ya kai riyal 375,000 a shekara. Gasar Daw ta Hukumar Fim, da Asusun Bunƙasa Al'adu da aka kafa a 2021, da bikin fina-finan Saudiyya da ake yi a cibiyar Ithra ta Zahran, duk yana da damar ƙwanƙwasawa. Abin da zai rasa shi ne kason da kamfani ke zuba masa a asusun fansho, kuma tallafin rashin aiki na SANED ba ya biyan wanda ya ajiye aiki da kansa. Matsalarsa babba ba rashin aiki ba ce, rashin daidaiton shigar kuɗi ce: wata uku ana gudu kafin azumi ko lokacin bukukuwan sanyi, sai bazara ta zo waya ta yi shiru, ga kuɗin aikin da ya gama tun tuni ba a biya ba, ga mai gida yana jiran rabin shekara. Shawarata gare shi kada ya ajiye aiki sai hayar shekara guda tana ajiye daban, da cefanen wata shida, sannan abin da fasahar ke kawowa ya rufe kuɗin gidansa wata shida a jere, daga abokan ciniki fiye da ɗaya. Ya karɓi rabin lada kafin ya kunna kyamara. Tallafin gasa kuma kada ya lissafa shi cikin cefane, don aiki ake bayar da shi, kashi-kashi, kuma ba a yi wa kowa alƙawarinsa ba. Bashi don sayen kayan aiki ma ya dakata, haya ta fi masa har sai ya ga wane kaya yake haya kusan kowane mako.

Ga Ɗanjuma kuwa, takardar aikin kai ba tasa ba ce, ta 'yan ƙasa ce. Akwai izinin zama na musamman da aka ƙara wa rukunai a Janairun 2024, ciki har da na masu baiwa a al'adu da wasanni, kuɗinsa riyal 4,000, amma ana ba wanda ya riga ya yi suna ne ko hukuma ta shaide shi. Abin hange ne, ba mafari ba. Saboda haka sakin albashi a wurinsa ma'anarsa ɗaya ce: komawa gida. Kuma nan ne lissafin ke juyewa. Fa'idar da yake da ita ita ce samu da riyal, kashewa da naira. Ranar da ya koma, samun ma ya zama naira.

Mu duba abin da kasuwar Hausa ke biya. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, kuma kashi 55 cikin ɗari yake ba mai tasha a dogayen bidiyo. Abin da kallo dubu ke kawowa ya danganta da ƙasar da mai kallon yake, kuma mai kallo a Kano ko Maraɗi ba ya kawo abin da mai kallo a Riyad ke kawowa. Kowane mai tasha zai ga nasa a YouTube Studio, a wurin da aka rubuta RPM. Mu ƙaddara na Ɗanjuma riyal 2 ne. Don ya rufe riyal 3,900 da gidansa ke ci a Jidda, yana buƙatar kallo kusan miliyan biyu duk wata, kafin a cire kuɗin shirya fim ɗin. A Kano gidan nasa ba zai ci haka ba, babu 800 ta zaman iyali, haya ta sauka. Amma babu inshora, wutar tacewa sai da janareta ko sola, kuma dangin da yake aika wa 300 yanzu suna ganinsa a ƙofar gida.

Lissafin marubuciya ma haka yake. A ce matar Ɗanjuma tana rubuta littafi tana sayarwa a zaurukan WhatsApp ko a manhajar ArewaBooks. Mu ce masu karatu 300 sun biya naira 1,000 kowanne. Naira 300,000 ke nan, kuɗi ne masu auki a Kano. A farashin 400 kuwa riyal 750 ne, ba su kai kuɗin zamanta da ɗanta na wata ɗaya ba, kuma ba a yi maganar masu tura littafin kyauta zuwa wasu zauruka ba. Wannan ba dalilin daina rubutu ba ne. Rubutu shi ne fasahar da ta fi arha, ba ya buƙatar izinin wuri ko ɗan wasa, kuma gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara wa mata a 2016, ba ta buƙatar komai sai labari mai kyau. Dalili ne dai na kada a jingina hayar Jidda da shi. Ta kuma tuna igamar mai rakiya ba ta ba da izinin aiki a nan.

Mawaƙi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin kuɗin waƙa ba a sauraron waya suke ba, a biki suke da taro da waƙar da aka yi wa wani. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da igama ta hana shi karɓar lada a kai, sai ta hannun kamfanin da ya ɗauke shi ko aka aro shi bisa ƙa'ida ta tsarin Ajeer. Ɗan ƙasa mai murya yana da kasuwar bukukuwan Hijaz a gabansa. Mai igama kuwa, in waƙar Hausa yake yi kuma da ita yake son rayuwa, kasuwarsa tana Kano da Kaduna da Yamai, kuma zai fi sauran saurin fuskantar maganar komawa.

In har Ɗanjuma ya yanke zai tafi, ko gida ko wani kamfani, ranar da zai tafi tana da farashi. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci haƙƙin ƙarshen aiki: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu ba shi da komai, daga biyu zuwa biyar yana da sulusi, bayan biyar zuwa ƙasa da goma kashi biyu cikin uku, daga goma ya karɓi duka. Idan ya yi fushi ya ajiye a shekara huɗu, haƙƙin riyal 9,000 ne, zai karɓi 3,000. Idan ya haƙura ya ɗan haura biyar, haƙƙin ya wuce 11,250, zai karɓi sama da 7,500. Abin da ya fi wannan: kwantiragin baƙo mai wa'adi ne, kuma idan ya bari wa'adin ya cika ya sanar a kan lokaci cewa ba zai sabunta ba, ba a lissafa shi cikin masu ajiye aiki, haƙƙinsa cikakke ne. Ya karya kwantiragi a tsakiya ba dalili kuwa, kamfani na iya neman diyya. Tsakanin 3,000 da 11,250 akwai fiye da abin da yake tarawa a shekara guda, kuma bambancin 'yan watanni ne da buɗe Qiwa a duba ranar da kwantiragin zai ƙare.

Da ni zai tambaya, ga abin da zan ce masa. Ya zauna a kamfanin kayan ginin har ya cika biyar ɗin, ya bar ɗaukar bukukuwa, ya gama rubutunsa. Hutun bana ya yi gajeren fim ɗaya a Kano da riyal 7,200 ɗinsa, ya tace shi da kansa a Jidda, ya sa masa fassarar Larabci da Turanci a ƙasa. Wannan fim ɗin aiki biyu zai yi masa. Shi zai nuna wa kamfanonin Jidda da Riyad in yana neman hanya ta biyu, shi ne kuma zai iya turawa bukukuwa, domin asusun Bikin Bahar Maliya da shirye-shiryensa na horo suna karɓar ayyukan Afirka, ba na Larabawa kaɗai ba, kuma fasfonsa na Najeriya ko Nijar a nan ba cikas ba ne. Maganar komawa gida gaba ɗaya ya ajiye ta har sai tasharsa ko masu sayen aikinsa sun biya abin da gida zai ci a Kano na wata shida a jere, yana nan yana karɓar albashinsa. Haƙƙin ƙarshen aikin kuma kada ya zuba shi a fim, ya bar shi kuɗin hayar shekarar farko da makarantar yaro.